Na maƙale a ƙarshen labarina

Assalamu alaikum marubuta. Ina rubuta gajeren labari kan wata Bahausa a Jidda, ta ɗauko tuƙi bayan da aka ba mata izini a 2018. Wata da watanni tana duba kwancen motoci a kasuwar saye da sayarwa ta Haraj, tana kai su gwajin lafiyar mota na Fahas, tana taɓa sanyin kujerar baya, don zafin Jidda ba ya raga wa yara. Yayanta ya nace sai Camry, surukarta kuma ta ce 'ya'ya biyar sai mai kujera bakwai.

Ni Innova mai kujera bakwai nake so ta ɗauka, amma sai ya zama kamar surukar ta yi galaba, binciken Bahausar ya tashi a banza. Yaya zan nuna zaɓin nata ne?