Me za mu kira Shape Keys da Hausa?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina koya wa yara motsa fuskar katun a manhajar Blender. Abin da aka rubuta Shape Keys a ciki, wanda manhajar Maya ke kira blendShape, na sa masa "gaurayen siffa". Ya yi, ko da wadda ta fi?

Mai tace fim: Ba shi ne hoto ya narke cikin wani hoton ba? Mu narkewa muke cewa.

Tsohon hannu: A'a malam, wancan aikin tacewa ne. Nan fuska ɗaya ce, ɗigogin da aka gina ta da su ke matsawa, yawansu ba ya canzawa. Ɗan Fagge, "gauraye" za ta ɓatar da yara, su zaci manhaja tsaka-tsaki take ɗauka tsakanin siffofi biyu. Tarawa take yi. Kowace siffa tana riƙe da nisan da kowane ɗigo ya matsa daga fuskar asali, wato Basis, a ninka shi da darajar da ka sa tsakanin 0 da 1, a ɗora.

A ce murmushi yana jan gefen baki baya da milimita 8, siffar furta "ii" kuma tana jan sa da 6. Ka kai duka biyun 1, ya tafi 14. Leɓe ya miƙe, haƙora su huda shi, alhali kowacce ita kaɗai lafiya lau take. Alamar matsalar ke nan. Shi ya sa nake cewa "siffar ɗori".

Malamar Hausa: Ma'anar ta fito, amma Bahaushe na jin ɗori sai ya tuna karaya. Ku kuma na ji kuna motsa fuska da ƙasusuwa, ba za a rikice ba? Ni "siffar ƙari" ta fi kwanta mini.

Ɗan Fagge: Yaya, to in rage kowacce zuwa 0.5 ba shi ke nan ba?

Tsohon hannu: Hujin zai ɓace, amma murmushin ya mutu. Siffa ta uku za ka yi. Ka kunna biyun, ka gyara fuskar da hannu har gefen baki ya tsaya a 9, ka cire abin da biyun suka kawo. Ya rage jan milimita 5 zuwa gaba, shi kaɗai za ta riƙe. Sai ka sa mata Driver, wato lissafin da zai riƙa sa mata daraja da kansa, inda a ke nufin darajar murmushi, b kuma darajar "ii":

```
a * b
```

In ɗaya tana 0, gyaran ba ya aiki. In duka suna 0.5, rubu'insa ne zai shiga. Amma kada ka yi wa kowace biyu, siffofi 52 na ARKit, tsarin Apple mai bin motsin fuska, su kaɗai za su ba ka haɗi sama da dubu. Ka nemi masu taɓa ɗigogi ɗaya, galibi a baki da fatar ido.

Malamar Hausa: Wannan kam "siffar gyara" ce, ba gardama.

Ɗan Fagge: Na karɓi siffar gyara. Ɗori da ƙari kuwa zan gwada su a aji, in ga wadda yara suka fi kamawa.