Abin da aka tattara kan zif ɗin da ke buɗewa ta baya

Ga abin da na tsinta daga maganganun 'yan'uwa na Agege da Idi-Araba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa in ka ja zif ya riƙa buɗewa ta baya, haƙoran lafiyarsu ƙalau, bakin kan zif ɗin ne ya saki. A mayar da kan can ƙasa, a matse gefe ɗaya da filaya kaɗan, a matse ɗayan, a gwada. Wani ya danne na jakar makarantar ɗansa da ƙarfi lokaci guda, kan ya tsage. Wannan kuskuren ya fi yawa, don Allah a bi a hankali.

2. In ya cije, a fara duba ko zare ko shafin ciki ya shiga. In tsatsa ce irin ta daminar Legas, a goga kyandir ko bakin fensir a haƙoran.

3. An rabu kan man gyaɗa. Wasu na sawa, masu ɗinki suka ce yana ɓata yadi, yana tara ƙura. Ni ina tare da masu ɗinki.

4. In matsewa ta daina ci, a sayi sabon kai mai lamba ɗaya da tsohon. Lambar, kamar 5 ko 8, galibi tana bayansa.

5. In haƙori ya fita a tsakiya, ko ƙarfen ƙasan zif ɗin jaket ya cire, sai tela ya sauya zif gaba ɗaya.