Jan biro a kan "en sortant": wa ya taɓa cin karo da wannan?

Maman Nana, Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. 'Yata tana ajin ƙarshe na kwaleji, bana za ta rubuta jarrabawa. An ba su aikin ba da labari da Faransanci, ta rubuta *En sortant du marché, la pluie a commencé*, wato tana fitowa daga kasuwa sai ruwa ya sauko. Mushen nasu, wato malaminsu, ya ja layi da jan biro ƙarƙashin *en sortant*, bai rubuta komai a gefe ba. Na duba rubutun kalmar, ban ga harafin da ya ɓata ba. Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, don Allah ya gaya mana yadda ya ƙare da shi.

Ɗan Kantin Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a Kwatano na tsinci Faransancina wurin saro kaya, amma ina ganin *sortissant* ya kamata ta sa, tunda aikatau ɗin da *-ir* ya ƙare, kamar *finir* da ke ba da *finissant*.

Malam na Damagaram: A'a Alhaji, *sortant* ɗin daidai yake. Ba ƙarshen aikatau ake dubawa ba, siffarsa da *nous* ake ɗauka, a cire *-ons* a sa *-ant*. Ana cewa *nous finissons*, shi ya sa aka samu *finissant*, amma *nous sortons* ake cewa, don haka *sortant*. Haka *nous buvons* ya ba da *buvant*, *nous faisons* ya ba da *faisant*. Uku ne kawai suka ƙi bin wannan hanya: *étant*, *ayant* da *sachant*.

Matsalar Nana tana wani wuri dabam, Hajiya, kuma kusan kowane aji na shiga sai na same ta. Idan aka sa *en* gaban *-ant*, abin da muke kira jerondif a lakwal, to mai yin wannan aikin dole ya zama shi ne mai yin babban aikin jimlar. A jimlarta wa ya yi babban aikin? *La pluie*, ruwan sama. Ke nan abin da ta rubuta yana cewa ruwan ne ya fito daga kasuwa sannan ya fara zuba. A Hausa ba mu faɗawa wannan ramin, domin bakinmu yana faɗin mai aikin kowane lokaci: "ina fitowa", "tana fitowa". Shi kuwa *en sortant* ba ya ɗauke da ni ko ita, aro yake yi daga jimlar da ya jingina da ita.

Gyaran iri biyu ne. Ko ta bar ruwan a matsayinsa ta ce *Quand je sortais du marché, la pluie a commencé*, ko ta mai da kanta mai aikin duka biyun: *En sortant du marché, j'ai été surprise par la pluie*.

Hauwa'u 'yar jami'a: Malam, wannan ya tuna mini zamanmu a ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri. Wata malama ta rubuta jimla biyu a allo ta ce mu faɗi wa ke fitowa daga masallaci: *J'ai vu Moussa en sortant de la mosquée* da *J'ai vu Moussa sortant de la mosquée*. Ajin ya yi tsit, kowa na ganin abu ɗaya ne. Sai wani ɗan Sakkwato a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "ta farko ina fitowa na ga Musa, ta biyu na ga Musa yana fitowa." Ashe shi ke nan amsar. Da *en*, aikin nawa ne ni mai gani. Babu *en*, kalmar ta manne wa sunan da ke kusa da ita, daidai da a ce *qui sortait*. Tun ranar idan zan rubuta sai na tambayi kaina da Hausa, "ina" ne ko "yana".

Mu 'yan Najeriya kuma muna da wata cutar da 'yan Nijar ba su cika yi ba. Turanci ya saba mana, sai mu riƙa cusa *-ant* ko'ina. Na ji an ce *j'aime lisant*, na ji *je suis mangeant*, alhali *j'aime lire* ne, kuma *je mange* ko *je suis en train de manger*. Haka bayan *sans* da *avant de*: *sans parler*, *avant de partir*. *En* kaɗai ke jan *-ant*.

Abban Sadiya, Yamai: Ni abin ya same ni a takardar neman aiki. Na rufe ta da *En attendant votre réponse, veuillez agréer…* kamar yadda na ga kowa na yi. Wani tsohon sakatare da na kai wa ya duba ya sa yatsa a kan *veuillez* ya ce, "Yaro, wa ke jira, kai ko darakta?" Ya ce *veuillez* darakta ake umurta, to sai jiran ya koma kansa. Ya sa na mayar da ita *En attendant votre réponse, je vous prie d'agréer…*, yadda mai jira da mai roƙo za su zama ni ɗaya. Amma gaskiya ina ganin waccan siffar a wasiƙu da yawa, har masu hatimi.

Ɗan Kantin Kwari: To ai ka gani. Kuma su kansu suna da karin magana, *l'appétit vient en mangeant*. Marmarin abinci ne ke cin abincin? Ni a ganina an matsa wa yarinya kawai, duk wanda ya karanta ya gane abin da take nufi.

Malam na Damagaram: Karin maganar kam haka take, kuma ka yi gaskiya, ta saɓa wa ƙa'idar. Tsohuwar magana ce da ta daskare tun kafin a tsaurara. A bakin mutane ma za ka ji irin jimlar Nana kullum ba wanda zai ɗaga kai. Sai dai mai gyaran takardar jarrabawa ba hira yake saurare ba, kuma akwai inda rashin kula ke juya ma'ana gaba ɗaya, kamar misalin Musa da Hauwa'u ta kawo.

Ummi Garwa: Ni tambayata a kan jam'i ce. Ɗana ya rubuta *elles marchent en chantantes* saboda mata ne da yawa, aka soke. Ba haka aka koya mana da sifa ba?

Hauwa'u 'yar jami'a: Anti, bayan *en* ba ya canjawa ko mata ɗari ne: *elles marchent en chantant*. Wadda ke karɓar *-e* da *-s* sifa ce, kamar *des histoires amusantes*.

Maman Nana, Maraɗi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna mata, ta zaɓi ta *quand*. Amma ta sake kawo wata: a littafinsu akwai *Il a réussi en travaillant*, ta ce nan ai ba abu biyu ake yi lokaci guda ba.

Malam na Damagaram: Ta lura da kyau. Nan hanya yake nunawa, ta yaya ya ci nasara, ta hanyar yin aiki. *Il mange en regardant la télé* kuwa lokaci ɗaya ne, yana ci yana kallo. Siffar ɗaya ce, ma'anar jimla ke rarrabewa. Ta gwada tambayar *comment* da *quand*, wadda ta zauna ita ce. Wani lokaci duka biyun kan zauna, kamar *il s'est blessé en coupant du bois*, kuma ko mu malamai mukan yi gardama a kai.

Abban Sadiya, Yamai: Malam, idan ka samu sarari ka taɓa mana *tout en* ma. Shugabanmu yakan ce *tout en comprenant votre situation* duk lokacin da zai hana mutum hutu, na kasa gane ko lokaci yake nufi ko "duk da cewa".