Ƙaddara da zaɓi: abin da aka ce a zaman Jidda

Bayan isha'i a Jidda wani ƙaninmu ya ce in an riga an rubuta komai a Lauhul Mahfuz to me ya sa za a kama shi da laifin barin salla? Wani dattijo ya ce masa, ɗana, Allah ya rubuta ne bisa saninsa, kuma sani ba tilastawa ba ne, ya san abin da za ka zaɓa ne da kanka, kai kuwa ba ka ga rubutun ba balle ka ce shi ka bi. Ya kawo ayar Takwir 28 da 29, mutum yana da nufinsa amma a ƙarƙashin nufin Allah yake.

Misalin da ya fi kama ni, hannu mai karkarwa saboda ciwo da hannun da ka miƙa ka ɗauki riyal ɗin wani, kowa ya san bambancinsu a jikinsa, na biyun ake hisabi a kai. Shi ya sa ake kafa hujja da ƙaddara wajen musiba kamar rashin lafiya, banda wajen saɓo. Sayyidina Umar ma da ya juya daga annobar Sham cewa ya yi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.