Shawarwari Kan Rage Karkarwa a Sarrafawar Zamewa

A wata tattaunawa da injiniyoyi suka yi a Kano kan sarrafa mota mai juya inji, an ɗauki tsarin `ë = u + d`, inda `e` kuskuren matsayi ne, `ė` saurin canjinsa, `ë` saurin canjin `ė`, `u` umarnin da ake ba motar, kuma tangarɗar `d` ba ta wuce 1 ba. Ana zaɓar layin zamewa `s = ė + 5e`, a ba da umarnin `u = -5ė - 2sign(s)`, inda `sign(s)` yake 1 idan `s` ya fi sifili, -1 idan ya gaza sifili, domin muddin 2 ta fi ƙarfin tangarɗar, dole `s` ya gangaro kan sifili.

Matsalar wannan hanya ita ce karkarwa, wato umarni ya riƙa juyawa gaba da baya da sauri, kuma daga jinkiri take. Idan na'ura tana auna `s` kowane daƙiƙa 0.01, `s` yakan tsallake layin da abin da ya kai 0.03 kafin umarni ya juya, sai a ji motar tana ƙara, tana zafi, haƙoran giya suna cinyewa.

Shawarar da aka fi amincewa da ita, wadda ni ma na gamsu da ita, ita ce a maye gurbin `sign(s)` da `sat(s/φ)`, wato `s/φ` da aka hana shi wuce 1 ko -1, ta yadda a cikin zirin `|s| < φ` umarni zai riƙa sauyawa sannu a hankali. Amma akwai asara: idan `φ = 0.1` kuma tangarɗar ta tsaya a 1, `s` zai zauna a 0.05, kuskuren 0.01 ya saura. Saboda haka a fara da ziri mai faɗi, a riƙa matse shi har karkarwa ta soma dawowa, sannan a ɗan sassauta.