Abin da 'yan uwa suka ce kan fassara imel ɗin kasuwanci a Jidda

An yi ta magana kan imel ɗin da ake juyawa daga Larabci zuwa Turanci ko Hausa, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda "in sha Allah" ce ke jawo rigima. Balarabe zai rubuta "za mu duba, in sha Allah" kan odar da ba ya so, kai kuma ka fassara ta kamar alƙawari, Bature ya zauna jiran kaya. Shawara ita ce a duba ko Balaraben ya sa rana da adadi. In babu ko ɗaya, to yawanci a'a ce cikin ladabi.

2. A nan aka rabu. Wasu sun ce tafinta ya fito da a'ar ƙarara, wasu suka ce ba hurumin sa ba ne, ya fassara yadda take sai ya gaya wa maigida a gefe abin da ya fahimta. Ni dai na fi karkata ga na biyun, don wani lokacin da gaske mutumin dubawa zai yi.

3. In Bajamushe ya rubuto "ba za mu iya ba" kai tsaye, a ƙara sallama da kalmar ban haƙuri ta Larabci "ma'al asaf" kafin a kai wa Alhaji, amma kar a taɓa farashi ko ranar biya.