Mutum biyu sun samu lamba ɗaya a manhajata, ina matsalar take?

Ummi_K: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Na haɗa wa wata ƙungiya manhajar rajistar mambobi, ni kaɗai, kuma shugabar ce ta dage a ba ni aikin duk da wasu sun so a kai wa kamfani, shi ya sa hankalina ya tashi. Duk wanda ya yi rajista ana ba shi lamba mai alƙaluma 6 da `random` ke zaɓa, gurbi miliyan ɗaya ke nan. Mutum kusan 1,400 kacal suka shiga, sai ga biyu da lamba ɗaya, bayanan na biyu sun shafe na farko. Ana sa ran mutum 20,000. Me zan gaya musu?

Sadiq: Wa alaikumus salam. 1,400 cikin miliyan ai kashi 0.14 ne cikin ɗari, bai isa a yi karo ba. Ki duba ko kin sa `seed` iri ɗaya kullum.

Malam Habu: Sadiq, lissafinka na mutum ɗaya ne, wato yiwuwar wanda zai shigo yanzu ya faɗa kan lambar da aka riga aka bayar. Ita kuwa abin da ya same ta shi ne wasu biyu, ko su waye, sun yi karo. Irin lissafin ranar haihuwa ne: mutum 23 a ɗaki, yiwuwar biyu su haɗa rana ta ɗan haura rabi, domin idan ka haɗa su bibbiyu hanyoyi 253 ne. Hanyoyin ake ƙirgawa, ba kawuna ba.

Malama Ummi, adadin karon da za ki sa rai kusan `n² / (2N)` ne, n mutanenki, N guraben. 1,400 sau 1,400 ya ba da 1,960,000, ki raba da miliyan 2, kin samu 0.98. Karo ɗaya ke nan, daidai abin da kika gani. Tun wajen mutum 1,180 yiwuwar ta kai rabi. A 20,000 kuwa karo wajen 200 ne. Manhajarki lafiyarta ƙalau, lambar ce ta yi gajarta. Da a mutum 1,400 ɗin nan kin ga karo talatin ko arba'in, sannan ne zan saurari maganar `seed`.

Ummi_K: Na gode Malam. Amma da gangan na zaɓi 6, mambobin ta waya suke karanta lambar, da yawansu dattawa ne. Ba zan ɗora musu doguwa ba.

Baban Nana: Ku dai bari. Ni a inda na yi aiki an taɓa haɗa ni lamba ɗaya da wani, aka riƙa tura masa takarduna, da na yi magana aka ce ƙorafi ya yi min yawa. Har na bar wurin ba wanda ya ba ni haƙuri.

Sadiq: To ta ƙara alƙaluma uku mana, 9 ai biliyan ne.

Malam Habu: Ninka gurbi sau dubu, amma iyakar sau 32 kawai take matsawa, tunda `√N` take bi. Da alƙaluma 9, a mutum 20,000 yiwuwar karo tana nan wajen kashi 18, rabi kuma a wajen 37,000. Ni UUID na huɗu nake sawa a komai. Yana da bit 122 na ƙuri'a, sai an fitar da wajen 2.7 × 10¹⁸ kafin yiwuwar ta kai rabi. Ki sa shi ki huta.

Zee: Malam, da girmamawa, wa zai karanta UUID a waya? Anti Ummi, bar 6 ɗinki. Ki sa `UNIQUE` a kan lambar a rumbun bayanai, idan ya ƙi karɓa ki zaɓi wata ki sake. Ko an kai 20,000, mutum 2 cikin ɗari ne za a sake wa zaɓe. Kada dai ki tsaya a "duba tukuna, sannan ajiye", domin biyu na iya dubawa a lokaci guda su ga babu kowa. Abin da ya fi damuna shi ne shafewar. Idan sabo yana hawa kan tsoho, ta yaya kika san sau ɗaya abin ya faru? Kina da wani wuri da ke ƙirga rajistar da aka yi, ki gwada da yawan layukan da ke rumbun?

Malam Habu: `UNIQUE` dole ne, ban musa ba. Amma da 20,000 cikin miliyan, duk wanda ya cinci lamba sau 50, yiwuwar ya dace da ta wani tana wajen kashi 64. Idan da lambar ake buɗe bayanai, 6 ba ta isa ba, ko an so ko an ƙi.

Ummi_K: Zee, ba ni da wannan ƙirgar, wanda abin ya shafa ne ya kira. Malam, mambobinmu ba masu irin wannan hali ba ne, kuma an riga an buga katuna da lambobin. Idan na sa `UNIQUE` yanzu, su waɗannan biyun wa zan canza wa lamba? Dukansu suna riƙe da kati.

Sadiq: Ni dai har yanzu ina so in ga yadda kika kira `random` ɗin.